Ma'aji ya ce mai aikin ƙanensa ne, amma bai bar ɗakin taro ba: me zan rubuta?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Barista. Ni ne sakataren kwamitin wata makarantar Islamiyya a Agege, muna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Mu tara ne a kwamiti, tsarin mulkinmu ya ce sai mutum biyar sun halarta zama ke inganta. A zaman da ya wuce mu shida muka zo, aka duba takardun farashi uku na haƙa rijiyar burtsatse: naira miliyan 2.8, miliyan 3.1 da miliyan 3.4. Ma'ajinmu ya ce mai na tsakiyar ƙanensa ne, bai jefa ƙuri'a ba, amma yana zaune har aka gama, har ma ya amsa tambayoyi. Ƙanen ne ya ci da ƙuri'a uku da biyu. Ba a biya ko kwabo ba tukuna. Shugaba ya ce in rubuta cewa ma'aji ya fita. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ka rubuta cewa ya fita, tunda bai fita ba. Mutum shida ne a ɗakin, biyu daga cikinsu ba su goyi bayan shawarar ba, kuma su ne za su fara tunawa da inda ma'aji yake zaune ranar da magana ta taso. Na san shugaba yana son ya rufa wa ma'aji asiri ne, amma layi ɗaya na ƙarya a rahoton zama yana jawo a daina yarda da sauran shafukan littafin, har waɗanda babu komai a cikinsu sai gaskiya. Kuma hannunka ne ya rubuta. Ka yi wa shugaba wannan bayani cikin ladabi, kai da shi kaɗai, ka kuma je masa da mafita, don akwai ta kuma mai sauƙi ce tunda kuɗi bai fita ba.

Rahoton zaman da ya wuce ka rubuta shi yadda abin ya faru: ma'aji ya shaida wa kwamiti da baki cewa ɗaya daga cikin masu neman aikin ƙanensa ne, ya ci gaba da zama a ɗakin, ya amsa tambayoyi kaza da kaza, bai jefa ƙuri'a ba, sakamako uku da biyu. Kada ka ƙara sharhi, kada ka ce ya yi daidai ko ya yi kuskure. Sannan ka roƙi shugaba ya dakatar da biyan kuɗi da sa hannu a yarjejeniya, a sake saka batun a ajandar zama na gaba, a duba takardun ukun daga farko ma'aji yana waje. Idan ƙanen ya sake ci, ya ci da hujjar da ba mai iya rushewa. Idan bai ci ba, to kun gano da wuri cewa zaman yayansa a ɗakin ya yi tasiri, kuma gara a gano haka kafin injin haƙa ya shigo harabar makaranta.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan fita, ba rashin jefa ƙuri'a kawai ba, shi ne yadda muke da kunya da kara. Babban mutum yana zaune, kowa ya san ƙanensa ake tattaunawa, wane matashi ne a kwamiti zai buɗe baki ya ce ya ga rijiyar da mutumin nan ya haƙa a wata unguwa ta ƙafe cikin rani? Zai yi shiru, ko ya ce duk abin da manya suka gani. Sannan ma'aji ya amsa tambayoyi, wato ɗaya daga cikin masu neman aiki ya sami wakili a ɗakin, sauran biyun ba su samu ba. A ƙuri'ar da aka tashi uku da biyu, mutum ɗaya da ya ji nauyi ya isa ya juya sakamako. Ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta Najeriya ta 2018 ta kama wannan gaɓa sosai: ta ce darakta kada ya kasance a wurin lokacin da ake tattauna ko yanke batun da yake da maslaha a ciki, kuma a rubuta bayanin maslahar a rahoton zama. An yi ƙa'idar domin kamfanoni ne, amma ban ga abin da zai hana kwamitin makaranta ya ɗauke ta ba.

Game da doka, ka rarrabe abu biyu. Sashe na 303 na dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ya wajabta wa daraktan kamfani, in yana da maslaha kai tsaye ko a fakaice a wata hulɗa da kamfanin, ya sanar da sauran daraktoci nan take, a rubuce, tare da bayyana irin maslahar. Ku ba kamfani ba ne, rajistar amintattu kuke da ita, don haka abin da ya fi ɗaure ku shi ne tsarin mulkinku da kuka kai wa CAC, da kuma sashe na 838 na dokar CAMA. Shi wannan sashe ya ce dukiyar ƙungiya a manufofinta kaɗai za a kashe ta, kuma ba a ba ɗan kwamitin gudanarwa wani amfani na kuɗi sai mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa, ko kuɗin haya madaidaici na wurin da ya bai wa ƙungiya, ko lada madaidaici na aikin da ya yi. Wannan ne ya sa "ƙanena ne" bai wadatar ba. Ƙanen da yake cin gashin kansa daban, ƙanen da yayansa ya saya masa injin haƙa suna raba riba daban. A na farko dangantaka ce kawai za a bayyana. A na biyu kuɗin makaranta ne zai zagayo ya shiga aljihun ɗan kwamiti, kuma dole ku iya nuna cewa farashin bai wuce ƙima ba.

Saboda haka kafin zama na gaba ka nemi ma'aji ya rubuto takarda gajera, da kwanan wata da sa hannunsa, ya faɗi wanda abin ya shafa, me ke tsakaninsu, da ko yana da jari, ko kaso, ko bashi, ko la'ada a harkar. In babu, ya rubuta cewa babu. Wannan jumlar ta ƙarshe ita ce ta fi kare shi, don ita ce abin da masu tsegumi za su fara tambaya. Ba sai ya faɗi nawa yake bin ƙanensa ba ko sirrin gidansu. Abin da ake buƙata shi ne irin alaƙar da kuma ko kuɗi na iya zuwa gare shi.

A nan Legas mutanenmu kan ɗauka maslaha ta tsaya ga 'yan uwa na jini, alhali abin da na fi gani a kwamitocin kasuwa da na masallatai ya wuce nan. Akwai yaron shagon da maigidansa ya sallama ya ba shi jari. Akwai surukin da ke kawo siminti, da mutumin da ɗan kwamiti ya tsaya masa wajen karɓar kaya bashi, da dillalin da ya haɗa cinikin yana jiran la'adarsa, da mai gidan da makaranta ke son kama haya. Ma'aunin da nake ba sakatarori shi ne: in iyayen yara suka ji wannan alaƙa daga bakin wani bayan an ba da aiki, za su ce me ya sa ba a faɗa mana ba? In amsar e ce, a bayyana ta. Zama 'yan gari ɗaya ko sallah a masallaci ɗaya ba ya cikin wannan lissafi, in ba haka ba babu wanda zai rage a ɗakin.

Yanzu ga yadda zaman zai tafi. Ka sa bayyana maslaha ya zama batu na dindindin a ajanda, bayan addu'a da karanta sunayen mahalarta, kafin a taɓa kowane batu. Shugaba ya tambaya ko akwai mai maslaha a cikin abubuwan da ke ajanda. Ko babu wanda ya yi magana, ka rubuta cewa an tambaya kuma babu wanda ya bayyana komai, domin wannan layin ne zai hana wani ya ce daga baya ai ba a tambaye shi ba. In akwai, a karanta takardar, ka ba ta lamba, ka liƙa ta a bayan rahoton. In mutum ya tuna da wata alaƙa sai da aka shiga batun, ya faɗa nan take, kai kuma ka rubuta a daidai gaɓar da ya faɗa, kada ka ɗauke ta ka mayar farkon zama don rahoto ya yi kyau. Lokacin da aka yi bayani shi ma hujja ne.

Da aka iso batun rijiya, ka duba agogo, ka rubuta lokacin da ma'aji ya tashi. Fita kuma tana nufin inda ba ya jin magana. Na taɓa zama a wani kwamiti inda mai maslaha ya fita da mutuncinsa, ya ɗauki kujerar roba ya zauna a baranda jikin taga, ana ganin hularsa ta gilashi, kowa a ɗakin yana magana ƙasa-ƙasa yana satar kallon tagar. Wannan bai fita ba. In zaman ta Zoom ne, kashe makirfo ba janyewa ba ce. Ya sauka daga zaman gaba ɗaya ko a mayar da shi ɗakin jira, sai an gama ka kira shi. In kwamiti yana da tambaya a kan aikin, ƙanen za a kira, kamar yadda za a kira sauran biyun, ba yayan ba.

Da zarar ya fita, sake ƙirga mutane, kuma wannan ne wurin da na fi son ka dakata. Ku tara ne, ana buƙatar biyar. In mutum shida suka zo kamar wancan karon, ma'aji ya fita, saura biyar cif, ba rarar ko mutum ɗaya. Wani ya tashi amsa waya, ko ya ce zai wuce kafin cunkoson hanya ya kama shi, kun koma huɗu, kuma duk abin da huɗu suka yanke ana iya ƙalubalantarsa. Ka buɗe tsarin mulkinku ka ga ko ya faɗi wani abu a kan ƙirga mai maslaha cikin adadin. In ya yi shiru, kamar yadda na ƙananan ƙungiyoyi da yawa suke yi, kada ka ƙirga shi. A ganina mutumin da aka hana ji da magana da ƙuri'a a kan batu bai kamata ya zama shi ne ya cika adadin yanke batun ba. In adadin bai cika ba, a ɗage batun, a rubuta dalilin ɗagewa, a ci gaba da sauran ajanda bayan ma'aji ya dawo. Shi ya sa nake ba ka shawara ka bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya kafin ranar, ka tabbatar aƙalla bakwai za su zo. In wata rana masu maslaha suka yi yawa har adadin ba zai taɓa cika ba, a kai batun babban taron ƙungiya.

Ga misalin yadda wannan ɓangare zai fito a rahoto. Ka canza lokuta da alƙaluma zuwa abin da ya faru a ranar, kuma ka sa cikakkun sunaye inda na sa muƙamai:

"Batu na 2. Shugaba ya tambaya ko akwai mai maslaha a batutuwan ajanda. Ma'aji ya gabatar da takarda cewa mai neman aiki na biyu a batu na 5 ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba shi da jari, kaso, bashi ko la'ada a harkarsa. An karanta takardar, an liƙa ta a matsayin rataye na 1. Kwamiti ya amince ma'aji ya janye daga batu na 5. Babu wani da ya bayyana maslaha.

Batu na 5. Ma'aji ya fita daga ɗakin taro da ƙarfe 4:50 na yamma, kafin a fara tattaunawa. Mutum shida suka rage, adadin da ake buƙata ya cika. Kwamiti ya soke shawarar da ya yanke a kan wannan batu a zaman da ya gabata, ya sake duba takardun farashi uku: naira miliyan 2.8, miliyan 3.1 da miliyan 3.4. An lura cewa na miliyan 2.8 bai haɗa da tanki da ƙarfen ɗora shi ba, na miliyan 3.1 ya haɗa da su da kuma garanti na shekara ɗaya. An amince a ba mai neman aiki na biyu a kan naira miliyan 3.1. Masu goyon baya huɗu, masu adawa biyu, babu wanda ya ƙaurace. Ma'aji bai halarci tattaunawa ba, bai jefa ƙuri'a ba. Ya dawo da ƙarfe 5:25, shugaba ya sanar da shi sakamako."

Ka lura da abu biyu a ciki. Na farko, ban saka ma'aji cikin waɗanda suka ƙaurace wa ƙuri'a ba. Wanda ya ƙaurace yana da ikon jefawa ya zaɓi ya bari, yana ɗakin, ana ƙirga shi. Ma'aji ba ya cikin masu yanke batun kwata-kwata, don haka layinsa daban. In ka haɗa su, mai karatu zai ɗauka yana zaune, lissafin adadi kuma zai rikice. Hanyar gane kuskure mai sauƙi ce: haɗa masu goyon baya da masu adawa da waɗanda suka ƙaurace, jimlar ta zo daidai da mutanen da suka rage a ɗaki. Huɗu da biyu shida, shida suka rage. In ka taɓa samun bakwai, to ka ƙirga wanda ya fita.

Na biyu shi ne dalilin zaɓi. Tankin da garantin misali ne nawa, kai ka rubuta dalilin da kwamiti ya bayar da gaske. Amma dalili dole ne ya fito, saboda akwai bambancin naira dubu 300 tsakanin mafi araha da wanda aka zaɓa, kuma wanda aka zaɓa ƙanen mai riƙe da kuɗi ne. Mai binciken kuɗi ko sabon kwamiti da ya buɗe littafin bayan shekara uku wannan ratar zai fara gani. In babu dalilin da za a iya rubutawa a layi biyu, to wannan kansa alama ce cewa a sake tunani. Ba sai ka rubuta wane ya ce kaza ba. Taƙaitaccen abin da aka auna ya isa. Sai dai in ɗaya daga cikin masu adawa ya nemi a rubuta sunansa cewa bai yarda ba, ka rubuta masa.

Janyewa ba ta ƙarewa da ƙuri'a, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Ma'aji shi ne mai sa hannu a cek, wataƙila shi ne ma zai ce aiki ya kai matakin a biya kashi na biyu. In ya fita daga ɗaki na rabin awa sannan ya dawo shi ne mai biyan ƙanensa da tabbatar da ingancin aikinsa, ba a yi komai ba. A cikin shawarar kanta kwamiti ya naɗa wasu mutum biyu su duba aiki su ce a biya, kuma waɗanda za su sa hannu a kuɗin wannan aiki su zama daga sauran masu sa hannu a asusun. In ƙa'idar asusunku a banki ta ce sai da hannun ma'aji, to ya sa hannu bayan mutum biyun nan sun rubuta amincewarsu, a liƙa ta jikin takardar biya, a rubuta wannan tsari a rahoto. Haka kuma kafin zama: farashin sauran masu nema bai kamata ya isa gare shi ba. A batunku ya riga ya gani, don haka kada a bar kowa ya canza farashinsa, ko kuma a nemi duka ukun su sake kawowa a rufe, ka karɓa da hannunka. Kada kuma a ci gaba da muhawarar a zauren WhatsApp na kwamiti alhali yana ciki.

Wata rana mai maslahar zai zama shugaba. A nan ya miƙa jagoranci ga mataimakinsa ko wanda mahalarta suka zaɓa, ka rubuta wa ya karɓa da lokacin da ya karɓa, kuma in tsarin mulkinku ya ba shugaban zama ƙuri'ar raba gardama, tana hannun wanda ke kan kujera a wannan batun, ba wanda ya fita ba. In kai ne, ka ba wani littafin ya rubuta wannan gaɓa, a ambaci sunansa. In kuma aka yi gardama ko abin da mutum ya bayyana ya kai a ce ya janye, shi ba ya yanke wa kansa hukunci. Ya ba da wuri, sauran su yanke, ka rubuta abin da suka yanke da dalilinsu ko da sun ce ya zauna.

Bayan wannan, ka sayi littafi daban, ko ka ware shafukan ƙarshe na littafin zama, domin rajistar maslaha: suna, ranar bayani, irin maslahar, batun da ta shafa, matakin da aka ɗauka, da lambar rahoton. A farkon kowace shekara kowa ya rubuta sana'arsa da harkokin da yake da hannu a ciki. Wannan bayani na shekara ba ya maye gurbin bayani a ranar da batu ya taso. Amfaninsa shi ne kai, idan kana haɗa ajanda ka ga za a sayi fenti kuma rajista ta nuna wane yana da shagon fenti, ka kira shi tun daga gida ka tuna masa, ba sai an kunyata shi a gaban jama'a ba.

Rahoton zaman da ya wuce za a karanta shi a zama na gaba kafin shugaba ya sa hannu. In wani yana ganin akwai gyara, ya faɗa a gaban kowa, a amince, ka rubuta gyaran a rahoton sabon zaman, ka ja layi ɗaya a kan tsohon rubutun yadda za a iya karanta shi, shugaba ya sa hannu a gefe. Kada a yage shafi ko a shafe rubutu. In shugaba ya nace sai an rubuta cewa ma'aji ya fita, ka ce masa a kawo maganar a wannan gaɓar, a gaban mutum shidan da suka halarta, ma'aji kansa yana ji.